Zuwa ga Likita, game da gumin dare da ramar da nake yi

Zariya
Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki, ya iyali ya sanyi? Allah ya taimaka.

Ni ne telan nan da ke kawo mahaifiyarsa wajenka duk wata saboda hawan jini, to wannan karon ni ne ba lafiya. Na ce bari in rubuto ne saboda na san halina, da na zauna gabanka ga layin mutane a waje sai komai ya gudu daga kaina in ce maka zazzaɓi ne kawai, alhali abin ya wuce haka. Shekarata 36, ban taɓa shan taba ba, kuma ban taɓa kwanciya a asibiti ba. Ranakun da zan faɗa daga littafin awon kwastomomi na duba su, don a bayansa nake ɗan rubuta abin da ya faru.

Abin ya fara ne ranar Litinin 25 ga Nuwamba. Na farka wajen ƙarfe 2 na dare singiletina sharkaf, har filo ya jiƙe. Ban ɗauke shi komai ba, na ce ƙila bargo ne ya yi nauyi. A satin sau biyu ya faru. A lokacin nauyina kilo 68 ne, na tabbata saboda a farkon watan na hau sikelin asibitinku ranar da na kawo Hajiya.

Daga 2 ga Disamba sai zazzaɓi ya shigo, amma ba irin mai kayar da mutum ba. Da safe garau nake, in buɗe shago in hau keke, da la'asar ta yi sai jiki ya ɗau ɗumi, kasala ta sauko, bayan isha'i in ji sanyi-sanyi, can tsakar dare kuma gumi. Ranar 4 ga wata na je kemis, ba a yi min gwaji ba aka ce maleriya ce aka ba ni maganin nan na kwana 3 da ake sha safe da yamma, da farasitamol. Na shanye tas. Kwana biyu kamar na ji dama, sai abu ya dawo.

Tari ya fara wajen 9 ga Disamba, busasshe, na ɗora wa ƙurar hunturu da ƙurar yadi. Abinci kuma ya fita raina, ni da nake tashi da malmala biyu ta tuwo sai ga shi rabin ɗaya ma da ƙyar, nama kuwa ƙamshinsa ma ba na so.

Ranar 16 ga Disamba na je wani lab aka ɗebi jini, maleriya babu, aka ce wai taifot ce. Aka rubuta min sifro na kwana 10, na gama ranar 26 ga wata. Gaskiya a kwanakin nan tarin ya lafa sosai, zazzaɓin ma ya ragu har na fara murna, amma gumin bai bar ni ba ko dare ɗaya. Dan Allah ka lura da wannan wurin, don shi ya fi ɗaure min kai. Ranar 23 ga Disamba na hau sikelin yaran nan da ke yawo da shi a kasuwa, ya nuna 65, na ce ƙila sikelin ne ba daidai ba.

To daga 30 ga Disamba ne abin ya tsananta. Likita ka san yadda sanyin Zariya yake a wannan lokaci, kowa a gidan ya ƙudundune cikin bargo, yara da hula da safa, ni kuma ina tashi kamar an watsa min bokitin ruwa. Yanzu kullum ne, wani daren sau biyu nake canja riga, zanin gado sai an cire, har leda maiɗakina ta shimfiɗa a ƙarƙashi don katifa ta fara wari. Ba fanka muke kunnawa ba, ba zafi ake ba, kuma in gumin ya bushe sai in kama rawar ɗari har asuba.

Tarin ya dawo a satin farko na Janairu, yanzu da kaki, fari wani lokaci ruwan ɗorawa, ya fi yawa da asuba. Ranar Alhamis 9 ga Janairu na ga ɗan zaren jini a ciki, sau ɗaya, bai sake ba, kuma ban faɗa wa kowa a gida ba. In na ja dogon numfashi ina jin suka a ƙirji ɓangaren dama. Ranar 13 ga wata ina alwala na shafo wani ƙullutu a gefen wuyana na dama, kamar girman gyaɗa, kamar kaluluwa amma ba ya ciwo, har yau yana nan.

Jiya Asabar na sake hawa sikeli a kemis, 61. Kilo 7 ke nan cikin kamar sati 8. Ko da a ce sikelin ya yi ƙarya tef ɗina ba zai yi ba, shekara 15 ina awon mutane, ƙuguna inci 34 ne tun da na yi aure, jiya na auna 31. Wandunana duk na rage su da hannuna. Kwastomomi har sun fara tambaya ko azumin nafila nake yi, wasu kuma kallo kawai suke yi, ka dai san mutanenmu.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Yaron shagona ya yi wajen wata 3 yana tari, tun damina, ya rame shi ma, a watan Oktoba iyayensa suka tafi da shi ƙauye. Shagon ƙarami ne, taga ɗaya, mu huɗu a ciki tun safe har dare, lokacin ɗinkin biki ma a nan muke kwana. Satin da ya wuce wansa ya ce min an gwada shi an ce tarin fuka ne, an ɗora shi kan maganin wata 6. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba.

Ban da wannan, mahaifinmu da ciwon suga ya rasu, amma ni ba na yawan fitsari ko ƙishirwa. Ba gudawa, ba ƙuraje. Hajiya ta haɗo min jiƙo na sha na sati ɗaya, ita ta tsaya a kan shawara ce ko sammu, ban yi mata musu ba amma na daina sha tun 5 ga Janairu. Yanzu farasitamol kawai nake sha in jiki ya yi zafi.

Abin da nake roƙo shi ne a yi min gwajin kaki da hoton ƙirji, a duba suga, a duba ƙullutun nan. Sannan gwajin ƙanjamau ma a haɗa da shi, wannan ne abin da na san bakina ba zai iya furtawa a gabanka ba shi ya sa na rubuta, na yarda a yi, sai dai sakamakon ni kaɗai za a faɗa wa. Na ji a rediyo ana cewa gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ko a wajenku ana yi ko sai ka tura ni wani wuri?

Sai maganar yara, ita ta fi hana ni barci fiye da gumin. Ɗaki ɗaya muke kwana da maiɗakina da 'yarmu mai shekara 3 da jariri ɗan wata 7. Tun ranar Laraba na koma kwana a zaure, ina rufe baki da hankici in zan yi tari. Ya isa haka? Su ma a kawo su a duba ko sai an ga nawa sakamakon? Sauran yaran shago biyu fa? Kuma ga azumi saura kamar sati 6, ga ɗinkin sallah da na riga na fara karɓa, ban san ko in ci gaba da karɓa ba ko in dakata.

In Allah ya kai mu Talata 21 ga wata zan zo da sassafe, zan taho da takardar lab ɗin da kwalayen magungunan da na sha duka. Ƙanina ne zai kawo maka wannan takardar gobe, a rufe take, bai san abin da ke ciki ba, dan Allah ko Hajiya kar ta ji tukuna.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naka,
Telan da ke kawo Hajiya awon jini