Yadda Ake Ɗaukar Hoton Iya Wurin da Ake So a Fuskar Mac

Sabi'u, ƙanena, tunda zan yi sati biyu ba na gari kuma kwamfutar ƙungiya za ta zauna a hannunka, ga bayanin da ka ce in rubuta maka. Ka ajiye shi kusa. Ranar Alhamis in an tashi daga kasuwar Maigatari, manoma za su yi ta tambayar lissafinsu na taki da na riɗin da suka kawo, kowa yana son a tura masa nasa ta waya. Ka san jadawalin nan ɗaya ne ya haɗa kowa: suna, lambar waya, buhu nawa aka ba mutum, nawa ya biya, nawa ake binsa. In ka ɗauki hoton fuskar kwamfutar gaba ɗaya ka tura wa mutum ɗaya, ka tona asirin mutum ashirin. Bara na yi wannan kuskuren sau ɗaya, har yau akwai dattijon da gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Don haka layin mutum kaɗai za ka riƙa yankowa.

Fara da gane maɓallan. Dubi layin ƙasa na kibod: dama da hagu da dogon maɓallin nan da ake ba da tazara da shi akwai `command`, mai alamar ⌘ kamar kan dagi. Kusa da shi akwai `option` (⌥), sai `control` (⌃). `shift` (⇧) yana sama da su, shi ne dai wanda kake yin babban baƙi da shi. `esc` kuma yana can ƙuryar sama ta hagu. Kada ka ɓata lokaci kana neman `Print Screen` irin na kwamfutar da ka koya da ita a makaranta, Mac ba ta da shi.

Babban aikin maɓallai uku ne:

```
shift + command + 4
```

Danne `shift` da `command` ka riƙe, ka taɓa 4 na layin lambobin sama, sannan ka saki duka. Kibiyar linzami za ta rikiɗe ta koma 'yar alama kamar ta tarawa a lissafi, da ƙananan lambobi a gefenta. Kai alamar kan kusurwar sama ta hagu ta wurin da kake so, ka danna ka riƙe, ka ja zuwa kusurwar ƙasa ta dama. Wani akwati mai duhu-duhu zai riƙa buɗewa yana bin hannunka. Duk abin da ke cikinsa shi zai fito a hoto, na waje kuma babu ruwansa. Kana sakin yatsa za ka ji ƙarar kyamara in sautin kwamfutar a kunne yake. Shi ke nan, an ɗauka.

A faifan da ake shafawa da yatsa ne sababbin hannu suke shan wahala. Dabarar ita ce ka danne da babban yatsa ka bar shi a danne, ɗan ali ya yi jan. In hannunka da gumi ko ƙura, goge tukuna, ko ka jona linzamin da ke cikin durowa, ya fi sauƙi. Lambobin da ke gefen alamar kuwa, kafin ka fara ja suna nuna inda kake ne a kan fuskar, da ka fara ja sai su koma nuna faɗi da tsawon akwatin.

In ka fara ja ka ga ba daga inda ya dace ka faro ba, kada ka saki yatsa, don kana saki ya ɗauka. Taɓa `esc`, komai ya warware, ka sake daga farko.

Amma ba kullum sai an sake ba, nan ne ma daɗin abin yake, kuma da yawan masu Mac ba su san shi ba. Kana cikin ja, yatsanka a danne, in ka danne dogon maɓallin ka riƙe, akwatin zai daina girma, sai ya riƙa bin hannunka ɗungurungum duk inda ka kai shi. Ka daidaita shi a kan layin da kake so, ka saki dogon maɓallin, ka ci gaba da ja. Wannan ita ce dabarar da na fi amfani da ita, domin layukan jadawalinmu sirara ne, kuskuren gashi ɗaya sai rabin sunan na sama ya leƙo. In `shift` ka danne kana cikin ja, akwatin zai riƙa motsi ta fuska ɗaya tak: ka nufi gefe, tsawonsa ya tsaya cak faɗin ya ci gaba, ka nufi ƙasa, faɗin ya tsaya. Wato kana iya daidaita kaurin layin mutum, ka kulle shi da `shift`, sannan ka ja har ƙarshen layin hankali kwance. `option` kuma yana sa akwatin ya buɗe daga tsakiya ta kowane ɓangare. Ni ban cika buƙatarsa ba, sai in hoton fasfo nake yankowa.

Bayan ka ɗauka, ɗan ƙaramin hoton zai fito a ƙuryar ƙasa ta dama na 'yan daƙiƙoƙi. In ka ƙyale shi zai ɓace da kansa, fayil ɗin ya sauka a `Desktop`, da suna mai ɗauke da ranar da lokacin da aka ɗauka, kusan haka:

```
Screenshot 2025-11-06 at 16.42.10.png
```

In ka danna ɗan hoton kafin ya ɓace, zai buɗe maka inda za ka ƙara datse gefe, ko ka zagaye adadin kuɗi da jan layi don mai shi ya gani da kyau. Kana kuma iya kama shi ka ja ka jefa kai tsaye cikin saƙon da kake rubutawa.

Sai dai in mutum arba'in za ka tura wa, kafin magariba `Desktop` ta cika da hotuna kamar shanyar zoɓo, ka rasa na wane ne wanne. Maganin wannan shi ne ƙara maɓalli na huɗu:

```
control + shift + command + 4
```

Jan duk ɗaya ne, illa dai ba a ajiye fayil ko'ina. Kwamfutar tana riƙe hoton ne a ka, kamar yadda take riƙe rubutun da ka kwafa. Ka shiga hirar mutumin a WhatsApp, ka danna `command + V`, hoton ya fito. Yatsu huɗu a lokaci guda akwai wuya da farko; ni da hagu nake danne ukun, in taɓa 4 da dama. To a nan ka buɗe ido sosai: abu ɗaya take riƙewa, kuma na ƙarshe. In ɗaukar Malam Haruna ba ta yi ba kai ba ka lura ba, abin da za ka manna masa shi ne lissafin wanda ya gabace shi. Karanta sunan da ke cikin hoton kafin ka tura, kowane lokaci, ko da layi ya yi tsawo ana ta yi maka magana a ka.

Akwai wata matsala da za ka ci karo da ita. Layin mutum shi kaɗai lambobi ne tsirara, bai san wanne ne buhu wanne ne bashi ba, sai da kanun jadawalin a sama. Na riga na kafe layin kanun, ba ya motsi. Saboda haka gangaro da jadawalin har layin mutumin ya zo daidai ƙarƙashin kanun, ka yanko su tare. Kuma tunda wurin da za ka riƙa yankowa bai canzawa, ga abin da ya fi dacewa da wannan aikin:

```
shift + command + 5
```

Wannan ya zo ne da macOS Mojave a 2018, tamu kuwa an sabunta ta har ta wuce nan, don haka yana aiki. Wasu 'yan alamomi za su jeru a ƙasan fuskar. Zaɓi mai siffar akwatin ɗigo-ɗigo, sunanta `Capture Selected Portion`. Akwatin da zai fito ba ya gudu in ka saki yatsa, kana iya jan gefunansa ka gyara a tsanake, sannan ka danna `Capture`. Shiga `Options` ka tabbatar akwai alama a kan `Remember Last Selection`; in akwai, duk sanda ka dawo akwatin yana nan inda ka bar shi. Aikinka ya zama gangaro da layi, ɗauka, turawa. A cikin `Options` ɗin ne kuma, ƙarƙashin `Save to`, ake zaɓar inda hotuna za su riƙa sauka, har da `Clipboard` in so kake ka riƙa mannawa kawai. Abin da ka zaɓa a nan zai shafi `shift + command + 4` ma, don haka in wata rana ka ɗauki hoto ka neme shi a `Desktop` ka rasa, nan za ka fara dubawa. Kula da kyau kada ka taɓa alamomin da sunansu ya fara da `Record`, waɗannan na bidiyo ne.

Wani lokaci tagar manhaja guda kake so cif, misali rasit ɗin banki da ya buɗe shi kaɗai. Danna `shift + command + 4`, ka saki, ka taɓa dogon maɓallin sau ɗaya. Alamar za ta koma kyamara, tagar da ka ɗora ta a kai ta canza launi, sai ka danna. Hoton yakan fito da 'yar inuwa a gefe. In ba ka sonta, riƙe `option` lokacin dannawar.

In ka jona babban kibod ɗin ofis, wanda na Windows ne, maɓallin mai tambarin Windows shi ne `command`, `Alt` kuma shi ne `option`. In kuwa ka danna komai daidai amma shiru, wataƙila yaran nan sun taɓa saiti. Bi `System Settings`, `Keyboard`, `Keyboard Shortcuts`, `Screenshots`, ka ga ko an cire alamar da ke gaban layukan, ka mayar.

Hotunan suna fita ne a `png`, wanda rubutu ke fitowa tar a cikinsa amma yakan yi nauyi. Ga WhatsApp ba damuwa, shi da kansa yake matsewa. In wani shafi ya ƙi karɓa sai `jpg`, ana canzawa ta `Terminal`:

```
defaults write com.apple.screencapture type jpg
killall SystemUIServer
```

Mayarwa kuma layukan nan ne dai, ka sa `png` a gurbin `jpg`. Amma wannan kada ka taɓa sai ka kira ni.

Daren Laraba ka kai ta caji wurin mai sola, batirinta ya fara tsufa, ba ya kai yini. Baba Liman ba ya riƙe babbar waya, nasa lissafin ta wayar ɗansa za ka tura, lambar tana bangon baya na littafin rasit. Ka gaida Inna.