Samfurin jarrabawa da jagorar ba da maki: ma'aunan yawan cuta

Ɗaliban shekarar farko, Kiwon Lafiyar Al'umma. Lokaci: awa 1. Jimlar maki: 40. A amsa duka tambayoyin, a nuna yadda aka yi lissafi. Alƙaluman da ke cikin lissafin na gwaji ne.

TAMBAYOYI

1. Bambanta firibalens da insidens, ka faɗi su wane ne ke shiga lambar sama da lambar ƙasa a kowanne. (maki 6)

2. Wani gari yana da mutum 5,000. Ranar 1 ga Janairu an samu 200 da hawan jini. Kafin shekara ta ƙare wasu 96 suka kamu. Ba wanda ya mutu ko ya ƙaura. Lissafa: (a) firibalens na ranar 1 ga Janairu, (b) insidens na shekarar, (c) firibalens na tsawon shekarar. (maki 12)

3. An bibiyi mutum 5 na tsawon shekara 5. Na farko ya kamu da cutar bayan shekara 2, na biyu ya kai ƙarshe lafiya lau, na uku ya ƙaura bayan shekara 3, na huɗu ya kamu bayan shekara 1, na biyar ya rasu a haɗarin mota bayan shekara 4. Nemo saurin kamuwa a shekarun bibiya. (maki 10)

4. Kwalara ta ɓarke a makarantar kwana mai ɗalibai 400. Ta kama 60, 3 suka rasu. Kashi nawa annobar ta kama, kuma kashi nawa na waɗanda suka kamu suka rasu? (maki 6)

5. (a) A 1922 aka fara yi wa masu ciwon suga allurar insulin a Toronto. Me ya sa maganin da ke ceton rai zai iya ƙara firibalens? (b) Wata cuta tana kama mutum 4 cikin 1,000 duk shekara, tana ɗaukar kimanin shekara 5 a jikin mai ita. Ƙiyasta firibalens ɗinta. (maki 6)

JAGORAR BA DA MAKI

1. Firibalens: duk masu cutar, tsofaffin kamu da sababbi, a kan dukkan jama'a a wani lokaci (maki 3). Insidens: sababbin kamu kawai, a kan waɗanda ba su da cutar amma za su iya kamuwa, cikin wa'adin da aka ƙayyade (maki 3). In ba a ambaci lokaci ba, a cire maki 1.

2. (a) `200 / 5,000 = 4%`. (b) `96 / 4,800 = 2%`. (c) `296 / 5,000 = 5.92%`. Maki 4 kowanne: 2 na lambar ƙasa, 1 na lambar sama, 1 na amsa. A (b) ne ɗalibai ke yawan yin tuntuɓe. Za ku ga 1.92%, wato an raba da 5,000, an manta cewa mutum 200 ɗin nan sun riga sun kamu, ba su da sabon kamun da za su yi. Kada kusancin 1.92 da 2 ya sa ku yi sassauci; maki 1 ne kacal. Ɗalibin bai ɓata a kalkuleta ba, ma'anar ce bai kama ba.

3. Shekarun bibiya: `2 + 5 + 3 + 1 + 4 = 15` (maki 5). Waɗanda suka kamu 2 ne (maki 2). `2 / 15 = 0.133`, wato kamu 13.3 a kowace shekara 100 ta bibiya (maki 3). Wanda ya raba da 25 ya ci gaba da ƙirga mutane bayan sun kamu ko sun bar binciken, ya rasa makin lambar ƙasa da na amsa. Mamacin haɗarin mota ba ya cikin waɗanda suka kamu, amma shekarunsa 4 suna cikin lissafi. Wanda ya rubuta 13.3% a cire masa maki 2, domin wannan ma'aunin sauri yake aunawa, ba kaso ba.

4. `60 / 400 = 15%` (maki 3). `3 / 60 = 5%` (maki 3). Amsar 0.75% mace-mace ce a kan dukkan makarantar, ba ita aka tambaya ba.

5. (a) Marasa lafiya sun daina mutuwa da wuri amma ba su warke ba, sai suka daɗe cikin ƙidaya ko da sabon kamu bai ƙaru ba (maki 3). A karɓi duk amsar da ta kawo batun daɗewar cuta, ko da kalmomin ba su yi daidai da waɗannan ba. (b) `P ≈ I × D`, inda P firibalens ne, I insidens, D kuma daɗewar cuta; `0.004 × 5 = 0.02`, wato 2% (maki 2). Makin ƙarshe na wanda ya faɗi sharaɗin ne: cutar ba ta yi yawa ba, kuma insidens da daɗewarta ba sa canzawa.