Wasiƙar Miƙa Maƙala ga Edita: Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro a Tsakanin 'Yan Makaranta a Lardin Arewa Mai Nisa

Marwa, Kamaru
17 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga mai girma Babban Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna miƙa wa mujallarku maƙalarmu mai taken "Makaranta na hutu, sauro na aiki: yadda za a kai maganin rigakafin maleriya ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15 a Marwa da Yagwa", domin a duba ta a sashen binciken aiwatarwa.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba ƙananan yara maganin rigakafi duk wata a lokacin damina, kuma Kamaru ta fara haka a 2016 a lardunan Arewa da Arewa Mai Nisa, ga 'yan wata 3 zuwa 59. Allurar maleriya da ƙasar ta shigar cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024 ta jarirai ce. Da yaro ya cika biyar, ya fita daga duka biyun. Alhali 'yan wannan shekarun ne suka fi yawo da ƙwayar cutar a jini ba tare da ta kwantar da su ba, su ne kuma ake fara hana wa gidan sauro idan bai wadata a gida ba. Sauro ya cije su, ya kai wa ƙannensu. A 2022 Hukumar ta buɗe ƙofar ba su maganin rigakafi lokaci-lokaci, amma ta bar wa kowace ƙasa tsara yadda za a kai shi.

Nan ne maƙalar ta tsaya. Ana yawan cewa makaranta ce hanya mafi sauƙi ta isa ga waɗannan yara. A wurinmu ba haka ba ne kai tsaye, domin makarantun boko suna babban hutu daga Yuni har farkon Satumba, ruwa kuwa ya fi ƙarfi a Agusta. Kafin a buɗe aji, zagaye biyu cikin huɗu sun wuce. Duk shirin da ya dogara da rajistar aji kaɗai zai iske zazzaɓi ya riga ya zauna, kuma ba zai ga almajiran tsangaya ba ko ɗaya.

Aikin ya shafi makarantun firamare takwas da tsangayu huɗu a daminar 2024, zagaye huɗu daga Yuli zuwa Oktoba, an tsara kwana 28 tsakanin kowane biyu. An haɗa Yagwa da gangan: gonakin shinkafa na ban-ruwa da fadamar kogin Logon suna riƙe ruwa bayan sama ta ɗauke, don haka sauro ya fi daɗewa can fiye da Marwa. Zagayen Yuli da Agusta an yi su a ƙofar gidajen masu unguwanni da zaurukan alarammomi, na Satumba da Oktoba a cikin aji.

Magungunan su ne waɗanda iyaye suka saba gani a hannun masu bi gida-gida: salfadokzin-pirimetamin sau ɗaya a ranar farko, da amodiyakwin kwana uku a jere. An auna kowane yaro a sikeli maimakon a bi shekarunsa, saboda da yawa ba su da takardar haihuwa, shekarun da ke cikin rajista kuma ƙiyasi ne. Ma'aunin shi ne miligiram 10 na amodiyakwin ga kowane kilo a kullum, da miligiram 25 na salfadokzin tare da 1.25 na pirimetamin ga kowane kilo. Ba a ba yaron da ke shan kotirimoksazol, ko wanda maganin salfa ya taɓa fesa masa ƙuraje, ko wanda ya sha ɗaya daga cikin magungunan biyu a makonni huɗu da suka gabata. Mai zafin jiki ana yi masa gwajin ɗan yatsa a nan take. In ya nuna cutar, a ba shi atemita-lumefantirin, a jira shi a zagaye na gaba. 'Yan matan da suka fara al'ada ma'aikaciyar lafiya mace ce ke ganawa da su a keɓe kafin a ba su komai.

Babi na huɗu shi ne muke roƙon masu tantancewa su fi zura wa ido, domin ya tattara inda aiki ke lalacewa. Mafi girma shi ne rana ta biyu da ta uku. Amodiyakwin yana da ɗaci, kuma yana tayar da zuciya idan ciki ba kowa. Yaron da aka danƙa wa ƙwaya biyu ya tafi da su gida, sau da yawa a aljihunsa suke narkewa, ko uwa ta ajiye su don ranar da wani zai yi zazzaɓi. Saboda haka aka mayar da duk kwanakin uku shan gaban malami, bayan an sha kunu, kuma yaro ya zauna minti 30. Wanda ya amayar a cikin wannan lokacin a sake ba shi sau ɗaya. Ranar farawa ma tana da tasiri. A boko Litinin ko Talata ce, don kada rana ta uku ta faɗa Asabar. A tsangaya Asabar ce ta dace, tunda Alhamis da Juma'a ranakun hutu ne, almajirai sun watse neman aiki.

Akwai kuma gidan sauro. A rabon gama-gari ana lissafa ɗaya ga mutum biyu a gida, lissafin da ba ya aiki a zauren da yara ashirin ke kwana kan tabarmi ba gado ba ƙusa. Mun kawo zanen yadda ake ja igiya daga bango zuwa bango a jera su, a cusa gefe ƙarƙashin tabarma, da ƙa'idar shanya sabo a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki. Sai dai ba mu ɓoye ba cewa karatun dare da na asuba a fili ake yinsu, inda gidan sauro ba ya kaiwa.

An auna abu huɗu: yawan yaran da suka kammala kwana uku a kowane zagaye, ƙwayar cuta a jini, ƙarfin jini, da kwanakin fashin karatu. An ɗauki ƙasa da giram 11.5 a desilita a matsayin ƙarancin jini ga 'yan 5 zuwa 11, ƙasa da 12 ga 'yan 12 zuwa 14. Gwajin ɗan yatsa yakan ci gaba da nuna cutar makonni bayan an warke, shi ya sa duk alƙaluman ƙarshen damina an tabbatar da su ta madubin likita, mutum biyu na karanta kowane gilashi. Sakamakon yana jadawali na 2 zuwa na 5.

Iyakokin aikin a fili suke. Damina ɗaya ce, babu makarantun da aka bari ba magani don kwatanci, kuma ambaliyar da ta auka wa Yagwa a 2024 ta raba iyalai da gidajensu har zagayen Satumba ya makara. Don haka maƙalar ba ta da'awar cewa ta auna ƙarfin maganin. Ta nuna yadda ake isar da shi ne, da abin da hakan ke ci. Ba a kuma binciki ko ƙwayar cutar ta fara bijire wa magungunan ba, tambayar da dole a amsa kafin a faɗaɗa shirin zuwa manyan yara.

Kwamitin ɗa'ar bincike na lardi ya amince da aikin kafin a fara. An karanta wa iyaye da alarammomi takardar yarda da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, an kuma nemi amincewar yaran da kansu. Ba a buga maƙalar a ko'ina ba, ba ta kuma gaban wata mujalla. Marubuta biyar ɗin sun karanta sun yarda, kuma ba wanda ke da alaƙar kuɗi da kamfanin magani ko na gidan sauro. Za mu ba da ɗanyen bayanan, bayan cire sunayen yara, ga duk mai tantancewar da ya nema. Muna roƙon a sa aƙalla mutum ɗaya da ya taɓa rabon maganin damina a yankin Tafkin Chadi cikin masu dubawa.

Allah ya ƙara wa Edita lafiya. Wassalam.

Jagorar binciken,
a madadin marubuta biyar,
Marwa