Wasiƙar Neman Shawara Zuwa Ga Likitan Fata

Argungu,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga Likitan Fata,
Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in nemi shawararka game da wasu baƙaƙen tabo da suka fito mini a fuska da wuya da hannuwa, waɗanda suka kai shekara 2 suna ƙara faɗi.

Shekaruna 27, kuma tun ina ɗan shekara 15 nake noman shinkafa tare da mahaifina a fadama, damina da rani. A lokacin noman rani nakan fita bayan sallar asuba, ba na komawa gida sai la'asar sakaliya, ina ban ruwa da cire ciyawa da feshi, kuma ka san yadda rana take a ƙasar nan a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Hula kawai nake sakawa, da riga mai gajeren hannu.

Tabon ya fara ne a kumatuna biyu, daidai ƙasan ido, daga baya ya hau goshi, sannan ya bayyana a bayan wuya da damatsa, daga inda hannun riga ya tsaya zuwa bayan hannu. Duk inda tufa ke rufewa lafiya lau yake. Na fuskar sumul yake, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ba ya fitar da ruwa, sai dai ya fi sauran fatata duhu sosai, har mutum na iya hangensa daga nesa. Na wuya da hannu kuwa yana da kaushi, wani lokaci yana ɓarewa kamar garje, yana kuma raɗaɗi idan zufa ta jiƙa shi. Na lura duhun yana raguwa kaɗan idan an gama girbi na zauna gida, sai ya dawo da zarar na koma gona.

Da farko an ce mini kyasbi ne, na shafa maganinsa, bai yi komai ba. Daga baya wani mai kemis ya ba ni man shafawa wanda aka rubuta clobetasol a jikin kwalinsa. Fuskar ta yi haske na ɗan lokaci, amma da na daina sai baƙin ya dawo fiye da da, ƙuraje suka feso, fatar kuma ta yi laushin da ko iskar hunturu ba ta jurewa. Yanzu man kaɗanya kawai nake shafawa. Ba na shan wani magani a kai a kai, in ban da na zazzaɓin cizon sauro idan ya kama ni. Kakata ta wajen uba tana da ciwon suga, na ga ya dace in faɗa maka.

Abin da ya fi damuna shi ne in san ainihin cutar. Shin rana ce kaɗai ta jawo, ko maganin feshin da ke taɓa fatata yana da hannu a ciki? Shin na fuska da na wuya abu ɗaya ne? Wani ma'aikacin lafiya a garinmu ya ce ƙarancin wani sinadari a abinci kan baƙanta wuya da hannuwa ga wanda ya dogara da masara, alhali mu tuwon shinkafa da na dawa da kifi muka fi ci. Akwai kuma fargabar kansar fata, wadda ta tsaya mini a rai duk da na ji an ce zabiya ta fi kamawa.

Ranka ya daɗe, ina roƙon shawarar ta yi la'akari da halin da nake ciki. Ba zan iya barin gona ba, domin mahaifina ya manyanta, ƙannena suna makaranta, kuma shinkafar nan ita ce abincin gidan da kuɗin karatunsu. Na sayi malfa da riga mai dogon hannu, amma man kare fata daga rana da aka ce in nema, mai alamar SPF 30, yana da tsada, zufa kuma na wanke shi kafin hantsi, don haka ina son sanin ko ya zama dole, da yadda manomi zai yi amfani da shi. Ba hasken fata nake nema ba. Ina so fatata ta koma yadda Allah Ya yi ta, domin har an fara tambayata a majalisa ko bilicin na yi ya ƙone ni, maganar da ke yi mini ciwo ƙwarai, musamman da yake an sa ranar aurena bayan girbi.

Na haɗo hotunan wuraren, waɗanda aka ɗauka a hasken safe, da kwalin man da na shafa. Idan akwai buƙatar ka duba ni da idonka ko a yi gwajin jini, ina roƙon a sanar da ni ranar da kake ganin marasa lafiya da abin da zan tanada na kuɗi, domin in shirya zuwa Birnin Kebbi.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira.

Naka,
Bashiru.