Tsarin motsa jiki na mako ga mai ketilbel biyu, kilo 16 da kilo 24

Wannan tsari na namiji ne mai lafiya da ke atisaye a tsakar gida, yana da minti 35 zuwa 40 sau huɗu a mako, kuma ba shi da komai sai ketilbel biyu, wato dunƙulen ƙarfe mai mariƙi a sama. An gina shi a kan cewa kana iya tura kilo 16 sama da hannu ɗaya sau biyar ba tare da ka karkace ba, kana kuma iya lilo da kilo 24 da hannu biyu sau goma, wato harba shi daga tsakanin cinyoyi zuwa tsayin ƙirji. Mace mai kilo 8 da 12, ko 12 da 16, za ta bi lissafin yadda yake. Mai hawan jini, gwaiwa ko tsohon ciwon baya ya fara ganin likita.

Ketilbel daga Rasha ya fito, inda ake auna shi da wani tsohon ma'auni mai suna fud, wanda ya ɗan haura kilo 16. Shi ya sa ake ƙera 16, 24 da 32. Matsalarka a nan take: daga 16 zuwa 24 ƙarin rabi ne cur, kuma babu kafaɗar da ke tsallake wannan tazara a dare ɗaya. Tun da ba ka da ƙarfen tsakiya, da yawan maimaitawa da lokaci za ka cike giɓin. Babban ƙarfe na ƙugu ne da ƙafa da baya tun makon farko. Ƙaramin na kafaɗa ne da duk abin da zai hau saman kai, har sai ka cancanci babban.

Ranakun aiki su ne Litinin, Talata, Alhamis da Asabar. Laraba da Juma'a ka yi tafiyar ƙafa ta minti 30. Lahadi hutu ne.

Ɗumama jiki, kowace rana

Riƙe 16 a kife ta gefen mariƙi ka zagaya kanka da shi, biyar ta dama biyar ta hagu. Rungume shi a ƙirji ka tsuguna har ƙasa, ka tura gwiwoyi waje da gwiwar hannu, ka ja numfashi uku, ka miƙe. Yi haka sau uku. Kwanta rigingine ka ɗaga ƙugu sau goma. Ɗaga 24 daga ƙasa sau biyar da baya a miƙe. Zagaye biyu, kamar minti shida. Tsaya babu takalmi ko da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, a kan ƙasa ko tabarmar roba, don tayil yana fashewa. In a ɗaki ne, duba fankar sama kafin ka ɗaga komai.

Litinin: turawa da lilo

Fara da turawa sama da 16, a salon tsani. Ɗauko ƙarfen zuwa ƙirji da hagu, tura sau ɗaya, sauya hannu, tura ɗaya. Huta kaɗan, yi biyu-biyu, sannan uku-uku. Tsani ɗaya ke nan, shida a kowane hannu. Yi tsani uku da hutun minti biyu a tsakani, jimla 18. Amfanin tsani shi ne ka tara aiki mai yawa ba tare da hannu ya kai ga mutuwa ba. Kafin kowace turawa matse ɗuwawu da ciki, riƙe mariƙin tamau, wuyan hannu a miƙe. In ka ji kana lanƙwasa baya don ƙarfen ya wuce goshi, wannan matakin ya ƙare, ajiye.

Sai ja da 24. Dafa benci ko dakali da hannu ɗaya, baya a shimfiɗe, ja ƙarfen zuwa aljihun wando, ba zuwa hamata ba. Takwas a kowane hannu, zubi uku.

Rufe da lilon hannu biyu da 24. Saita agogo: a farkon kowane minti yi goma, ragowar mintin hutunka ne. Minti takwas, lilo 80. Ajiye ƙarfen kamar taku ɗaya a gabanka, kama mariƙi, wurga shi baya tsakanin cinyoyi, sannan miƙe da ƙarfi lokaci guda har ya yi sama zuwa tsayin ƙirji. Hannu ba ya ɗagawa, ƙugu ne ke harbawa. Da yake dawowa, tsaya ƙyam har damatsa su taɓa haƙarƙari, sannan ka tura ɗuwawu baya.

Yawancin ciwon bayan da ake ɗora wa lilo daga abu biyu yake zuwa. Na farko, sunkuyawa da wuri: ƙarfen sai ya bi ta ƙasan gwiwa, ya yi nisa da jiki, nauyin ya koma kan gadon baya. Mariƙin dole ya wuce sama da gwiwa, kusa da matsematsi. Na biyu, mai da lilo tsuguno, gwiwoyi suna gaba, ƙirji a tsaye. Maganinsa: juya wa bango baya, matsa gaba kamar tsawon tafin ƙafa ɗaya, ka taɓa bangon da ɗuwawu sau goma ba tare da gwiwa ta yi gaba ba. In ka ji jijiyar bayan cinya tana miƙewa, ka samo hanya. Fitar da iska da ƙarfi a sama, shaƙa ta hanci a ƙasa. Da zarar ƙarfen ya daina kai ƙirji da kansa, tsaya ko da mintin bai cika ba.

Talata: tashin Turkiyya da ƙafa

Tashin Turkiyya da 16 shi ne aikin da zai shirya kafaɗarka ta karɓi 24, don haka kada ka yi masa gaggawa. Kwanta rigingine, ƙarfe a hannun dama a miƙe sama, gwiwar dama a lanƙwashe. Mirgina ka hau gwiwar hannun hagu, sannan tafin hannu. Ɗaga ƙugu, zare ƙafar hagu baya ka durƙusa a kanta, ɗauke hannu daga ƙasa, gyara fuskantarka, miƙe tsaye. Koma ƙasa ta matakan da ka hau. Ido na kan ƙarfe har ka durƙusa, daga nan ka dubi gaba. Kowane tashi ya ɗauki aƙalla sakan 30. Ɗaya dama ɗaya hagu, sau biyar. Idan gwiwar hannun da ke sama ta fara lanƙwashewa, sauke da hannu biyu. In ƙarfen ya kuɓuce, kauce masa, kada ka yi ƙoƙarin cafewa.

Bayansa tsugunon runguma da 24: biyar sau biyar, hutun minti ɗaya da rabi, diddige a ƙasa, sakan ɗaya na tsayawa a can ƙasa. Ƙarasa da tafiya da 24 a hannu ɗaya a gefe, yadda ake ɗaukar jarkar ruwa, sai dai ba a yarda ka karkata ba. Sakan 30 kowane hannu, zubi uku.

Alhamis: sabawa da babban ƙarfe

Ɗaukar 24 zuwa ƙirji, uku a kowane hannu, zubi biyar. A na ukun tsaya da shi sakan 15: gwiwar hannu manne da haƙarƙari, dunƙulen hannu ƙasa da haɓa, ƙarfen kwance tsakanin damtse da sangalin hannu. Wanda ƙarfe ke dukan wuyan hannunsa har ya yi baƙi yana wurga shi nesa ne, sai ya kifo ta saman hannu. Riƙe gwiwar hannu kusa da jiki, sassauta yatsu a tsakiyar hanya, ka zura hannu cikin mariƙi ƙarfen ya zagayo ta gefe. Mariƙin ya kwanta a karkace a gindin tafin hannu.

Daga mako na uku ƙara wannan: ɗan lanƙwasa gwiwa, tura 24 sama da taimakon ƙafa, tsayar da shi sakan biyu, sauke shi a hankali cikin sakan uku zuwa huɗu. Biyu a kowane hannu, zubi uku, kada ka wuce haka. Jiki yana iya sauke nauyin da bai kai ga turawa ba tukuna, kuma ta wannan ƙofa ake shiga 24.

Sai tsani biyu na turawa da 16, sannan lilon hannu ɗaya da 16: goma kowane minti, ana sauya hannu, minti goma. Kafaɗu biyu su fuskanci gaba, kada ƙarfen ya murɗa ka.

Asabar: ƙarfe biyu tare

Yau rashin daidaiton nauyin zai yi maka aiki, domin ciki da gefen jiki dole su yi tauri su hana ka karkata. Ɗauko 24 a ƙirjin dama, 16 a hagu, tsuguna sau biyar. Huta minti biyu, musanya. Zubi huɗu, ko shida in da ƙarfi. Adadin ya kasance mai rabuwa biyu don kowane gefe ya sami rabonsa. Idan ɗauko su tare ya gagara a makonnin farko, yi ɗagawa daga ƙasa da su biyun, kilo 40, takwas sau huɗu. Tafiya da su a gefe, sakan 40, zubi huɗu, ana musanyawa.

Rufe mako da sarƙa ta minti 12 da 16. Hannu ɗaya, ba ajiyewa: lilo biyar, ɗauka zuwa ƙirji uku, tsuguno uku, turawa biyu. Sauya hannu, sannan ka huta har ka iya faɗin jimla guda ba tare da haki ya yanke ta ba.

Yadda za ka ƙara

Tsanin Litinin: uku a mako na 1, huɗu a na 2, biyar a na 3. Lilon Litinin: minti 8, 10, 12. Mako na 4 rage komai da rabi ko da kana jin ƙarfi, domin jijiyoyin gaɓɓai sun fi tsoka jinkirin sabawa, kuma gwiwar hannu ce ke fara kuka. Daga mako na 5 tsani ya zama 1, 2, 3, 4: uku, huɗu, biyar, wato 30, 40, 50 a kowane hannu. Lilo ya koma 12 kowane minti na tsawon minti goma, sannan 12 na tsawon minti 12, sai 15 na tsawon minti goma. Sauran ayyukan ƙara musu maimaici ɗaya duk mako biyu. Rubuta komai a littafi.

A mako na 8, bayan hutun kwana biyu, gwada 16. In ka tura goma masu tsabta a raunannen hannunka, gwada 24 sau ɗaya ba taimakon ƙafa. Ya hau, sa shi a ranar Alhamis, ɗaya-ɗaya sau biyar. Bai hau ba, sake zagayen da tsani mai kaiwa biyar.

Kula da tafin hannu. Kanta mai tudu ita ke yagewa, musamman da hunturu, don haka goge ta da dutsen kaushi bayan wanka, ka shafa man kaɗanya da dare, ba kafin atisaye ba. A lilo riƙe mariƙi da ƙugiyar yatsu, kada ka matse shi a tsakiyar tafi. Lokacin zafi yi aikinka bayan Asuba, ajiye ƙarfen a inuwa, ruwa da tawul a kusa. Da azumi koma kwana biyu, Litinin da Alhamis, kamar awa biyu bayan buɗa-baki, da rabin adadin.

Ranar da ka rasa, kada ka haɗa ta da ta gobe. Ci gaba daga inda ka tsaya. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma suka a gaɓa, ciwon da ke sauka ƙafa daga baya, jiri ko nauyin ƙirji, ajiye ƙarfen nan take ka je asibiti.