Ginshiƙan Gefen Gabas

Watanta huɗu da fara aiki aka bar wa Injiniya Rukayya ginin asibitin mai hawa biyu a bayan Zariya, domin ogan nata, Injiniya Bashir, yana can Kaduna wajen wani aikin. Dokarsa ɗaya ce: kullum da yamma ta tura masa rahoto.

Ranar Talata da la'asar tana zagayawa kafin kafintoci su rufe katako, sai idonta ya tsaya a ginshiƙai biyu. Zane ya ce rodi mai milimita 16, guda shida. Abin da aka ɗaura kuwa mai 12 ne. Ta auna, ta sake aunawa. A ido bambancin ba wani abu ba ne, amma a lissafi yawan ƙarfen da ke cikin mai 16 ya kusa ninka na mai 12, kuma waɗannan ginshiƙan ne za su ɗauki tankin ruwa a sama.

Mai ɗaurin rodin, Baba Sale, ya yi jika da ita. Tun ba a haife ta ba yake lanƙwasa ƙarfe. Ta same shi yana alwala, ta rusuna.

"Baba, a ɗan duba min ginshiƙan can na gabas, akwai gyara."

"To, 'yata, an gama."

Da ta zo rubuta rahoton, nauyin tsohon ya hana ta sa laifinsa a takarda ƙarara. Ta rubuta: "Aiki na tafiya daidai. Akwai ɗan gyara a wasu ginshiƙai na gefen gabas, an sanar da mai rodi." Injiniya Bashir ya karanta a cikin mota, ya ba da izinin zuba kankare ranar Laraba. Ita kuma Larabar nan tana ofis wajen lissafin siminti.

Baba Sale bai yi ƙarya ba, ya duba. Ya ga biskit ɗin da ke raba rodi da katako ya zame a ginshiƙai uku, ya mayar da shi. A ganinsa gyaran ke nan.

Sai bayan kwana goma sha ɗaya, an riga an kafa katakon dakin, wato rufin kankare, a kai, injiniyan masu aikin ya zo duba. Ya ɗora ma'auni a kan rodin da ya leƙo sama, bai ce uffan ba, ya ɗaga waya.

Kwana tara aka yi ana fasawa. Aka sauke katakon ɓangaren, aka tokare bim, wato kankaren da ke gittawa a kan ginshiƙai, aka yi hayar injin fasa kankare, leburori suna kwasar ɓaraguzai a kwanon sarki. Siminti, tsakuwa, sabon rodi, kuɗin ma'aikatan da suka zauna jiran aiki, duk a wuyan kamfani. Rukayya tana tsaye ƙura na zuba a kan hularta, ba wanda ya ce mata komai, shi ya fi ci mata rai.

Injiniya Bashir bai yi faɗa ba. Ya kira ta cikin kwantenar da suke ofis, ya ajiye mata rahoton.

"Karanta min. Wasu ginshiƙai, guda nawa ke nan?"

"Biyu, Yallaɓai."

"Gefen gabas akwai goma sha huɗu. Wanne da wanne? Ɗan gyara kuma, ƙusa ce ta fita ko gini ne zai rufta? Kin ga matsalar da idonki, kin auna, kin yi daidai. Amma ni da ke Kaduna takardar nan ce idona, kuma kin rufe min shi."

Ta ce ba ta so ta tozarta Baba ne.

"Yanzu da ake fasa aikinsa a gaban yaransa fa?"

A daren ta zana wa kanta tebur a bayan littafin aiki: wuri, abin da zane ya ce, abin da aka gani, abin da za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe.

Bayan mako uku, a hawa na biyu, ta tura wannan: "Bim B7, tsakanin layin C4 da C5: zane ya ce tazarar zobba milimita 150, na auna 220 a wuri shida. Kada a zuba kankare. Baba Sale zai sake ɗauri gobe kafin ƙarfe 10, ni zan duba in turo hoto da ma'auni a jiki." Kafin ta aika, ta je ta karanta wa tsohon da bakinta, gabanta na faɗuwa.

Ya saurara har ƙarshe, ya karɓi tef ɗin hannunta ya hau ya auna da kansa.

"Ɗari biyu da ashirin ne," in ji shi. Ya juya ya ƙwala wa yaronsa kira. "Kai Isuhu, kawo waya da filaya, yau za mu kwance ta."