Tattaunawar Hajiya Binta da Malam Sani a ofishin harhaɗa kaya

Wurin: ofishin wani kamfanin rarraba taki da iri a kan hanyar Kano, Katsina, bayan sallar La'asar.

Hajiya Binta: Malam Sani, ban kira ka domin faɗa ba. Wata biyu ke nan rahoton kayan sito yana zuwa a makare, alhali shekarun baya ba a san ka da haka ba. Kafin mu shiga dalili, ina so ka faɗa mini da bakinka: me kake so ka ga ya tabbata a aikinka nan da ƙarshen wata?

Malam Sani: Ranki ya daɗe, burina rahoton ya riƙa isowa teburinki kowace Alhamis kafin Azahar, kuma adadin buhunan da ke rubuce ya yi daidai da abin da ke cikin sito.

Hajiya Binta: Madalla. To, yanzu me yake faruwa a zahiri?

Malam Sani: Gaskiya tun da damina ta kama, motocin dillalai daga Mashi, Dutsi da Daura sukan iso kusan lokaci guda, sai in tsaya kan masu lodi ina rubuta lissafi a 'yan takardu, da niyyar shigar da shi kwamfuta da yamma. Kafin yamma kuwa wata takardar ta jiƙe, wata ta ɓace. Ranar Laraba da ta wuce buhu 14 na takin yuriya na rasa inda suka shiga, sai da na kwana ina bin rasit kafin na gano su.

Hajiya Binta: Ka taɓa sanar da wani?

Malam Sani: Ban sanar ba, domin ina jin nauyin a ce na gaza.

Hajiya Binta: Da ka yi magana tun farko, da ba a kai ga kwana kan rasit ba, amma wannan ya wuce. Waɗanne hanyoyi kake gani?

Malam Sani: Ko a ƙaro ma'aikaci, ko a tsara wa kowane dillali lokacin zuwansa, ko kuma in ajiye littafi guda mai bango a bakin sito maimakon takardu.

Hajiya Binta: Ƙarin ma'aikaci babu shi a kasafin bana. Cikin sauran biyun, wanne ne ke hannunka?

Malam Sani: Littafin, zan iya farawa gobe. Tsara lokaci kuwa sai da sa bakinki, saboda dillalai ba za su ji tawa ni kaɗai ba.

Hajiya Binta: Na ɗauki wannan, zan kira su da kaina ranar Litinin. Kai kuma?

Malam Sani: Mota ba za ta fita ba sai direba ya sa hannu a littafin, sannan in shigar da lissafin ranar kafin in tashi, in sha Allahu.

Hajiya Binta: To, Alhamis mai zuwa da ƙarfe 12 ka zo da littafin, mu duba shi tare.